Filin maganaɗisu a cikin doguwar solenoyid, da dalilin da ya sa wajenta kusan fayau yake

"Malam, an koya mana cewa a cikin doguwar solenoyid B = μ₀nI ne, a waje kuma sifili. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na tsaya a waje dab da wayar, ai ɓangaren da ke kusa da ni ya fi na can ƙetare ƙarfi, to yaya za a yi su kashe juna? Sannan a littafinmu sai da aka ɗauka cewa waje sifili ne kafin a fara lissafin. Wannan ba zagaye ba ne?"

Ɗan'uwa, a kan littafin kana da gaskiya. Dokar Ampère ita kaɗai ba ta cewa waje sifili ne, wani abu daban take faɗi, kuma za mu zo kansa. A kan wayar kusa da ta nesa kuma rabin gaskiyar ka riƙe. Ɓangaren kusa ya fi ƙarfi idan santimita ɗaya ta waya ka gwada da santimita ɗaya ta waya, amma ba haka rabon yake ba, domin na nesan ya fi yawa, kuma yawan nasa daidai yake da raunin nasa ba ragi ba ƙari. Domin maganar kada ta tsaya a iska, bari mu ɗauki solenoyid guda ɗaya mu yi ta aiki da ita har ƙarshe.

Ga wadda nake sa ɗalibai su naɗa. Bututun roba irin na masu aikin famfo, faɗin bakinsa santimita 4, a naɗe shi tsawon santimita 50 da wayar tagulla mai fenti, lamba 20, irin wadda masu naɗin koyil suke sayarwa a kilo. Kaurinta da fentinta bai cika milimita ɗaya ba, don haka zagaye 500 suna shiga a jere, layi ɗaya, kowane na jingine da ɗan'uwansa. Zagaye 500 a rabin mita yana nufin 1000 a kowace mita, wannan shi ne n. Idan aka tura wuta amfiya 2, kuma μ₀ = 4π × 10⁻⁷, lissafin ƙarfin filin, wato B, zai ba ka:

B = μ₀nI = (4π × 10⁻⁷)(1000)(2) ≈ 2.5 × 10⁻³ T

Militesla biyu da rabi ke nan, ko maikrotesla 2,500. Filin maganaɗisun ƙasa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar yana wajen maikrotesla 34, ka ga na cikin bututun ya ninka shi sau saba'in da 'yan kai. Inda ya fuskanta kuwa hannun dama ne zai gaya maka: ka lanƙwasa yatsu huɗu yadda wutar ke zagayawa, babban yatsa zai nuna inda filin ya dosa a ciki.

Ka lura faɗin bututun bai shiga lissafin ba, haka ma wurin da ka tsaya a cikinsa, tsakiya ne ko jikin bango. Wannan ma abin tambaya ne, kuma amsarsa ɗaya ce da amsar taka.

Abin da dokar Ampère ta faɗa

Dokar tana cewa idan ka zana rufaffiyar hanya, ka bi ta kana tara filin da ke tafiya tare da kai sau tsawon da ka taka, jimillar za ta zama μ₀ sau wutar da ta ratsa ta cikin hanyar. A littafi ana zana murabba'i mai dogayen gefe biyu da ke bin tsawon solenoyid, ɗaya a ciki ɗaya a waje, da gajerun gefe biyu da ke ratsa bangon waya. Idan dogon gefen yana da tsawo ℓ, wayoyin da suka ratsa cikin murabba'in nℓ ne, kowace da wuta I. Gajerun gefen ba su ba da komai idan ka matse murabba'in ya rungumi bangon sosai. Abin da zai rage shi ne:

B(ciki) − B(waje) = μ₀nI

Iyakar abin da dokar ta ba ka ke nan: bambancin da ke tsakanin ciki da waje idan ka tsallake bangon. Da ciki zai zama 2,600 waje ya zama 100, dokar ba za ta ce uffan ba. Da ciki zai zama 1,250 waje ya zama 1,250 ta kishiyar fuska, nan ma ta gamsu, kuma haka ma abin yake ga shimfiɗaɗɗen faranti guda ɗaya mai ɗauke da wuta, rabi a wannan gefe rabi a wancan. Saboda haka wanda ya rubuta sifili a gefen waje ya shigo da wani sani ne daga wani wuri.

Littattafan da suka fi kulawa sukan ƙara mataki ɗaya. Su zana murabba'in gaba ɗaya a waje, inda babu wutar da ta ratsa shi, su nuna cewa a solenoyid marar iyaka filin da ke bin tsawonta iri ɗaya ne a santimita ɗaya da a kilomita ɗaya. Sai su ce tunda can nesa dole ya ƙare, to ko'ina a waje sifili ne. Hujja ce mai kyau, sai dai ni ba ta cika gamsar da ni a gaban allo ba, don abin da ba shi da iyaka a tsawo, duk nisan da ka yi da shi bai zama ƙarami a idonka ba, kuma ɗalibi mai kaifin kai yakan gane hakan. Akwai hanyar da ta fi wannan, wadda take taɓa tambayarka kai tsaye.

Bangon kusa da bangon ƙetare

A shekarar 1820, bayan Ørsted ya ga wayar wuta tana juya allurar kamfas, Biot da Savart a Faransa suka auna yadda ƙarfin yake raguwa da nisa. Dokar da ke ɗauke da sunansu a yau tana cewa kowane ɗan guntun waya yana ba da filin da ke raguwa daidai da nisa sau nisa. Ka ninka nisa biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ninka uku, ya koma ɗaya cikin tara. Da wannan za mu yi aiki.

Tunda wayoyin a matse suke, mu ɗauke su kamar bango guda na tagulla wanda wuta ke zagaya shi. Yanzu ka tsaya a waje, a gefen bututun, ka haska shi da tocila mai siririn haske, ka ƙaddara hasken yana iya ratsa bangon. Hasken tocila buɗewa yake yi yayin da yake tafiya. A bangon kusa zai yi ɗan tabo ƙarami, ya ratsa cikin bututun, ya faɗa bangon ƙetare ya yi tabo babba. A ce kana santimita 2 daga bangon kusa, to bangon ƙetare yana santimita 6 daga gare ka, ninki uku. Tabon can zai fi na nan faɗi sau uku ta kowane gefe, wato girmansa sau tara. Wutar da ke gudana a cikinsa ke nan ta fi yawa sau tara, amma kowane guntunta ya fi rauni sau tara saboda nisa. Tara ta cinye tara. Tabo biyun ƙarfinsu ɗaya a wurin da kake tsaye.

Saura fuska. Wutar da ke zagaya bututu, idan a bangon kusa sama take yi, a bangon ƙetare ƙasa take yi, kuma dukansu suna gabanka ne, gefe ɗaya. Don haka filin da ɗaya ya tura hagu, ɗayan dama zai tura shi. Ƙarfi ɗaya, fuska kishiya, sun kashe juna.

Za ka iya cewa wannan ya yi idan hasken ya faɗi a miƙe, to idan ka karkata tocilar fa? Idan haske ya faɗi a karkace tabon yakan miƙe ya ƙara girma, gaskiya ne. Amma a dokar Biot da Savart, rabon filin da ke bin tsawon bututun yana raguwa da wannan karkatar daidai gwargwadon yadda tabon ya ƙaru. Idan ka zauna ka yi lissafin za ka ga kusurwa ɗaya ce ta fito a sama da ƙasa ta share kanta. Sakamakon da ya rage mai sauƙin riƙewa ne: gudummawar kowane yanki na bango ga filin da ke bin tsawon solenoyid ta dogara ne kawai ga yawan wurin da yankin ya cike a ganinka, ba ga nisansa ba. Yanki ƙarami a kusa da yanki babba a nesa, muddin sun cike wuri ɗaya a ido, aikinsu ɗaya. Alamar kuma tana bin fuskar bangon da kake kallo: idan cikinsa kake gani, ƙari ne, idan bayansa kake gani, ragi ne.

Daga waje, duk inda ka haska ka sami bututun, sai hasken ya shiga ta bayan bango ya fita ta cikin wani bangon. Ragi ɗaya, ƙari ɗaya, girma ɗaya. A bututu marar iyaka babu hasken da zai shiga bai fita ta bango ba, don haka jimillar sifili ce cif, ko kana dab da shi ko kana nesa. Ba mu ɗauki komai tun farko ba.

Yanzu ka shiga ciki da tocilar. Duk inda ka juya, sama ko ƙasa, gaba ko baya, hasken bango ɗaya zai samu, kuma cikinsa zai samu. Babu ragi ko ɗaya. Bangon ya cike ganinka gaba ɗaya, kuma cikakken gani shi ne yake ba da μ₀nI. Ka matsa jikin bango, har yanzu ganinka a cike yake. Ka faɗaɗa bututun, har yanzu a cike yake. Shi ya sa filin ciki yake daidai ko'ina, shi ya sa kuma faɗin bututun bai shiga lissafin ba. A ganina wannan ita ce hujjar da ya kamata a fara koyarwa, a bar murabba'in Ampère ya zo daga baya a matsayin gajeriyar hanya.

Inda "kusan" ya shigo

Tamu solenoyid tana da iyaka, tana da baki biyu a buɗe. Idan kana tsakiyarta ka duba gaba, za ka hango ɗan da'irar haske a nisan santimita 25, haka ma a baya. Waɗannan wurare biyu babu bango, don haka ganinka bai cika ba. Girman kowane baki santimita murabba'i 12.6 ne. Ƙwallon da ke kewaye da kai mai nisan santimita 25 kuwa fatarsa santimita murabba'i 7,850 ce. Baki biyu sun ci 25 cikin 7,850, wato kashi 0.32 cikin ɗari. Filin tsakiya ke nan bai kai μ₀nI cif ba, ya kai kashi 99.68 cikin ɗari nasa. Abin da ya ɓace maikrotesla 8 ne cikin 2,500.

Ka fito waje, ka tsaya a gefen tsakiyar bututun dab da bango. Yawancin hasken da ka tura zai shiga ta bango ya fita ta bango, ya kashe kansa. Amma wanda ka karkata sosai wajen ƙarshen bututun zai shiga ta bango ya fice ta buɗaɗɗen baki, bai sami bango na biyu ba. Wannan ragi ne da ba shi da abokin kashewa. Girmansa kuwa shi ne girman bakin nan biyu a idonka, kashi 0.32 cikin ɗari. Saboda haka a waje akwai filin maikrotesla 8, yana fuskantar kishiyar na ciki.

Ka haɗa su ka gani. Ciki ya gaza da 8, waje yana da 8 ta baya, bambancin da ke tsakaninsu ya dawo μ₀nI daidai, yadda dokar Ampère ta ce. Dokar ba ta taɓa buƙatar sifili ba.

Idan kana son ƙa'idar a taƙaice, ga solenoyid mai tsawo L da rabin faɗi R, filin waje a gefen tsakiya kusan 2R²/L² ne na filin ciki. Tsawon yana shiga sau biyu. Ka naɗa mita ɗaya maimakon rabin mita, da yawan zagaye iri ɗaya a kowace santimita da wuta iri ɗaya, ciki zai tsaya a 2,500, waje kuma ya sauko daga 8 zuwa 2. Ma'anar "doguwa" ke nan a wannan magana, tsawo idan an gwada shi da faɗi. Wadda tsawonta ya ninka faɗinta goma tana ba da kashi 99.5 cikin ɗari a tsakiya. Wadda tsawonta da faɗinta ɗaya ne kashi 71 kawai take bayarwa, kuma wajenta ba ya kusa da sifili ko kaɗan. Ɗalibai da yawa sukan naɗa guntun koyil, su sa B = μ₀nI, awo ya ƙi yarda da lissafi, su ɗora wa na'urar awo laifi.

Akwai wata hanyar ganin dalilin da ya sa waje ba zai taɓa zama sifili cif ba. Layukan filin maganaɗisu ba su da mafari ba su da maƙura, kowane sai ya zagayo ya haɗe da kansa. Duk layin da ya fita ta bakin gaba dole ya dawo ya shiga ta bakin baya, kuma ta waje zai bi. Yawan layukan da ke dawowa daidai yake da yawan waɗanda suka bi ta ciki. Bambancin shi ne a ciki an cusa su cikin santimita murabba'i 12.6, a waje kuwa sun bazu a sararin da faɗinsa ya kai tsawon bututun ko ya fi.

Bakin bututun kansa wuri ne da maganar "waje babu komai" ba ta aiki sam. Ka tsaya daidai bakin, a tsakiyar da'irar. Bayanka bango ne ya cike rabin gani, gabanka fili. Rabin gani, rabin ƙarfi: maikrotesla 1,250. Ka koma ciki da santimita 2, ya hau kashi 85 cikin ɗari, da santimita 4 ya kusa 95. Ka fito waje da santimita 2, ya sauko wajen kashi 15, wato maikrotesla 370, wanda har yanzu ya ninka na ƙasa sau goma. Sai ka yi nisan santimita 10 daga bakin kafin ya sauko wajen maikrotesla 24. Wurin da ake nufi da kusan sifili shi ne gefen bututun, nesa da bakunan biyu.

Abubuwa biyu da bangon tagulla ya ɓoye

Mun ɗauki wayoyin kamar bango sumul, alhali wayoyi ne ɗaiɗai. A nan tunaninka na farko yake da wurin zama. Idan ka matso har nisanka da waya bai kai tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye ba, wayar da ke gaban hancinka takan fi sauran tasiri, filin ya riƙa lanƙwasa yana kewaya kowace waya. Sai dai wannan gargadar tana mutuwa da sauri ƙwarai. A nisan tazara ɗaya, milimita ɗaya a tamu, ta ragu sau ɗaruruwa. Idan naɗin ya yi sako-sako, ko wani wuri ya cushe wani ya buɗe, nan ne filin yake tsiyaya ta gefe a nisan da za a iya aunawa. Wannan ne ya sa nake matsa wa ɗalibai su ja wayar da ƙarfi, su riƙa danne kowane zagaye da babban yatsa, su kama farko da ƙarshe da salatif kafin su saki.

Na biyun ya fi ban sha'awa, kuma littattafai da yawa ba su ambatonsa. Wayar ba zobba 500 ba ce rufaffu, waya ɗaya ce da ke murɗawa tana ci gaba. Wutar ta shiga ta wannan ƙarshe ta fita ta wancan, ke nan ban da zagayawa tana kuma tafiya tsawon bututun, amfiya 2 cur. Daga waje wannan tafiyar kamar miƙaƙƙiyar waya ce guda ɗaya a tsakiyar bututun, kuma filinta kewaya bututun yake yi, girmansa kusan μ₀I/2πr, inda r shi ne nisanka daga tsakiyar bututun. A santimita 2.5 daga tsakiya, wato rabin santimita daga bango, ya kai maikrotesla 16. Ka ga ya ninka 8 ɗin da muka sha wahalar lissafawa, kuma ƙara tsawon bututun ba ya rage shi. Maganinsa a wurin naɗi yake. Ka yi layi biyu, na farko ya tafi, na biyu ya dawo a kansa yana zagayawa ta fuska ɗaya. Zagayawar ta haɗu ta ninka filin ciki, tafiya da dawowa kuma suka kashe juna. Idan layi ɗaya ka yi, ka kwantar da wayar dawowa a jikin bututun ta bi shi har inda ka fara, hakan yana rage shi sosai da zarar ka ɗan ja baya.

Yadda za ka gani da idonka

Wayar da ta shiga naɗin nan ta kai mita 63, turjiyarta wajen om 1.7. Amfiya 2 na buƙatar bolt uku da 'yan kai, zafin da zai fita kuma wajen wat 7 ne, bututun zai yi ɗumi kawai. Kada ka haɗa ta kai tsaye da batirin mota. Bolt 12 zai tura amfiya 7, zafin ya haura wat 80, in ka bar shi robar ta yi laushi naɗin ya saki. Ka nemi abin ba da wuta da ake iya saitawa, ka sa na'urar awon amfiya a layin, don wutar da ka auna ita za ka sa a lissafi. Tagulla in ta yi zafi turjiyarta na ƙaruwa, sai ka ga amfiyar tana sauka a hankali ba wanda ya taɓa komai.

Ka ɗora bututun a teburin katako, nesa da ƙarfe, ka kwantar da shi gabas da yamma. Dalilin shi ne allurar kamfas tana kallon arewa, filin da ke bin tsawon bututun zai ja ta gefe, inda motsinta ya fi fitowa. A yankinmu an yi sa'a, filin ƙasa kusan a kwance yake saboda muna kusa da inda layukansa ke tafiya daidai da doron ƙasa, don haka kusan dukkan 34 ɗin nan yana aiki a kan allurar. Wayoyin da suka taho daga abin ba da wuta ka murɗe su tare, in ba haka ba nasu filin zai shiga awon.

Ka tura ƙaramin kamfas cikin bututun a kan rula, ka leƙa ta baki, ka kunna wuta. Allurar za ta fizge ta miƙe da bututun. Ka fito da shi ka ajiye a gefen tsakiyar bututun, santimita 5 daga tsakiya, ka ɗora shi a kan wani abu har ya yi tsayi ɗaya da tsakiyar bututun. Wannan tsayin yana da muhimmanci, domin a nan filin da ke kewaya bututun sama ko ƙasa yake kallo, allurar da ke kwance ba ta jin sa, sai na dawowar kawai take ji. Za ta karkata wajen digiri 12 zuwa 13, kuma ta kishiyar inda ta nuna a ciki. Ka juya wayoyin wutar, ta karkata ɗaya gefen da adadi iri ɗaya. Idan karkatar hagu da ta dama ba su zo ɗaya ba, ko bututun bai daidaita gabas da yamma ba, ko akwai ƙusa ko ƙafar tebur ta ƙarfe a kusa. Idan kuwa karkatar ta wuce haka nesa, ka duba naɗin, galibi akwai inda ya buɗe ko inda zagaye suka hau kan juna.

Daga nan ka ja kamfas ɗin a hankali ta gefen bututun zuwa ƙarshensa. Karkatar za ta riƙa ƙaruwa, kusa da baki kuma allurar ta juyo tana nuna bakin ko tana ba shi baya, don a nan layukan suke fitowa suna bazuwa.

Duk lissafin nan na solenoyid ce mai iska a ciki da wuta tsayayyiya. Da zarar ka zura sandar ƙarfe, ƙarfen kansa ya zama maganaɗisu, layukan da ke bi ta ciki su ninku, kuma tunda duk abin da ya bi ta ciki sai ya dawo ta waje, filin waje ma ya ninku tare da su. A nan B = μ₀nI ba ta ba da amsa, kuma ninkawa da lambar ƙarfen kawai, wato lambar da ke nuna sau nawa ƙarfen zai iya ninka fili, ma ba ya bayarwa, don gajeriyar sanda mai baki biyu a buɗe ba ta kai abin da lambar ta yi alkawari. Shi ya sa solenoyid ɗin da ke kan sitatar mota take cikin gwangwanin ƙarfe: gajeriya ce, ba ta da tsawon da zai rage mata filin waje, sai aka ba layukan dawowa hanyar ƙarfe su bi maimakon iska.